Kuɗin Yana Asusu, Amma Ba Ya Taɓuwa

Wanda ya saba duba asusunsa ta manhajar banki, ko ya taɓa karɓar takardar bayanan asusu, zai iya tuna lambobi biyu da ke zaune kusa da juna. Ɗaya ana rubuta mata Ledger balance, ɗayar kuma Available balance. Ta farko tana nuna abin da littafin banki ya ce yana cikin asusun. Ta biyu tana nuna abin da mai asusun zai iya kashewa a daidai wannan lokacin. A yawancin ranaku lambobin iri ɗaya ne, shi ya sa ba kowa ke kula da su ba. Ranar da suka saɓa ne hankali ke tashi: littafi ya ce akwai naira dubu ɗari biyu, na'urar POS kuma ta ƙi biyan dubu ɗari da hamsin. Idan aka leƙa jerin cinikin da aka yi da kati, sau da yawa za a tarar da wani layi da aka rubuta wa Pending a gefensa. Wannan layin ne ya cinye bambancin.

Mutane da yawa na ɗaukar layin a matsayin kuɗin da ya riga ya fita. A gaskiya bai fita ba. Bankin mai katin ne ya ware shi gefe, ya hana a taɓa shi, domin ya yi wa wani ɗan kasuwa alkawarin zai biya. Kafin ɗan kasuwan ya zo karɓa, kuɗin na nan a asusun, kuma adadin da zai zo ya karɓa ba lallai ne ya zama daidai da wanda aka ware tun farko ba.

Biyan kuɗi da kati, musamman irin na Visa da Mastercard a ƙasashen waje ko a intanet, aiki ne mai zango biyu, ko da yake mai saye zango ɗaya kawai yake gani. Da zarar an saka kati a na'ura, ko an rubuta lambobinsa a shafin sayayya, sai saƙo ya tashi daga wurin ɗan kasuwa zuwa bankin da ke karɓar masa kuɗi. Daga nan ya bi ta kamfanin da tambarinsa ke jikin katin, ya isa bankin da ya ba da katin. Tambayar da saƙon ke ɗauke da ita gajera ce: wannan katin na gaske ne, kuma akwai kuɗi kaza a bayansa? Bankin zai duba ko katin bai daina aiki ba, ko lambar sirrin daidai ce, ko kuɗin ya isa, ko cinikin bai yi kama da na ɓarayi ba. In komai ya yi daidai sai ya mayar da amsar amincewa tare da wata lamba, galibi mai haruffa ko alƙaluma shida, wadda ake bugawa a rasit a gaban Auth code. Duk wannan kai-komo a cikin 'yan daƙiƙu yake ƙarewa. A nan ne bankin ke rage abin da mai asusu zai iya kashewa, don kada a kashe kuɗin a wani wuri kafin mai alkawari ya iso.

Zango na biyu ba a gaban mai saye ake yin sa ba. Ɗan kasuwan kan tattara cinikinsa, sau da yawa a ƙarshen yini, ya aika wa bankinsa da cewa ga abin da yake bi a kan kowane izini da aka ba shi. Bankin ya miƙa wa kamfanin kati, kamfanin ya lissafa abin da kowane banki ke bin ɗan'uwansa, sannan kuɗi ya motsa. Sai a lokacin ne bankin mai kati zai cire kuɗin daga littafi, kalmar Pending ta ɓace, lambobin nan biyu su sake haɗuwa. Wannan kan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku a yawancin ciniki, kuma ranakun ƙarshen mako da na hutu suna ƙara masa tsawo.

Abin ya yi kama da yadda ake yi a kasuwar hatsi ta Dawanau, inda mai saye zai zagaya sito ya sa wa buhu ashirin alama ya ce a ajiye masa. Buhunan suna nan a siton, ba su bar hannun mai su ba, amma ba zai sayar wa wani ba. Sai ranar da mota ta zo aka ɗora a sikeli ne za a san ainihin abin da ya fita, wataƙila ma mai sayen ya ɗauki sha takwas ya bar biyu.

To me zai sa adadin ƙarshe ya bambanta da na farko? Babban dalili shi ne akwai sana'o'in da ba a sanin kuɗin ciniki sai an gama. Otal bai san ko baƙo zai ci abinci a ɗaki ko zai ba da wanki ba. Kamfanin hayar mota bai san ko za a dawo da motar da mai ko babu ba. Dokokin kamfanonin kati sun ba irin waɗannan damar neman izini a kan ƙiyasi, su kuma ƙara neman wani izinin idan kashe kuɗin baƙo ya zarce ƙiyasin farko. Dalili na biyu shi ne canjin kuɗi, wanda ya fi shafar masu katin naira. Misali ɗaya da aka bi daki-daki zai nuna yadda dalilan biyu ke haɗuwa.

A ƙaddara wani ɗan kasuwa daga Kano ya tafi Umra, ya sauka a wani otal a Madina na kwana uku, kowane dare riyal 400. Kuɗin ɗaki ya zama riyal 1,200. A wurin karɓar baƙi ma'aikacin ya ce masa, "Alhaji, za mu riƙe riyal 1,500 a katinka, ragowar ajiya ce ko da za a yi wani amfani." Riyal na Saudiyya a ɗaure yake da dala a kan riyal 3.75 kowace dala ɗaya, saboda haka riyal 1,500 dala 400 ce cif. A ƙaddara kuma farashin bankinsa a ranar naira 1,500 ne kowace dala. Bankin zai ware naira 600,000. Idan Alhaji ya bar gida da naira miliyan ɗaya a asusun, littafi zai ci gaba da nuna miliyan ɗaya, amma abin da zai iya kashewa ya koma 400,000. Saƙon da ya shigo wayarsa na iya kama da na cire kuɗi sak, kuma a nan ne ruɗanin ke farawa.

Ranar tafiya aka haɗa masa lissafi: ɗaki riyal 1,200, wanki da shayi riyal 90, jimla 1,290, wato dala 344. Idan ma'aikacin ya yi aikinsa yadda ya kamata, zai nemo izinin nan na ranar farko a na'urarsa, ya kammala shi a kan riyal 1,290. Bayan kwana biyu saƙon kammalawa ya isa bankin Alhaji a Najeriya. A ranar, a ce dala ta koma naira 1,520 a wurin bankin. Za a cire masa naira 522,880, a saki ragowar 77,120 daga abin da aka ware. Asusunsa ya tsaya a kan 477,120.

Lambobi uku ke nan a kan ciniki ɗaya. Da farko ya ga 600,000. Da ya zauna a jirgi ya buga lissafi da farashin ranar da ya sauka, sai ya sami 516,000. Abin da aka cire a ƙarshe kuma 522,880 ne. Tazarar da ke tsakanin ta farko da ta biyu daga ƙiyasin otal ta fito. Naira 6,880 da ke tsakanin ta biyu da ta uku kuwa motsin farashin dala ne a cikin kwanakin da cinikin ya yi yana jira. Babu wanda ya cuce shi a duk wannan, ko da yake zai yi wuya ya yarda da hakan idan ba a zauna an warware masa ba. Da dalar ta sauka a maimakon hawa, da abin da aka cire bai kai 516,000 ba.

Akwai inda wannan labarin kan lalace, kuma yana faruwa sosai. A ce ma'aikacin ranar tafiya ba shi ne na ranar sauka ba, ko kuwa yana sauri, sai kawai ya buga sabon ciniki na riyal 1,290 bai taɓa tsohon izinin ba. A idon bankin Alhaji wannan buƙata ce daban. Naira 600,000 na nan a ware, ga kuma sabuwar buƙata ta kimanin 516,000, alhali abin da ya rage a kashe 400,000 ne. Na'ura za ta fitar da Insufficient funds, Alhaji kuma ya rantse cewa da miliyan ɗaya ya taho, kuma gaskiya ya faɗa. Idan kuwa kuɗin asusun ya isa ɗaukar duka biyun, cinikin zai wuce, sai ya koma gida yana ganin kamar an cire masa sau biyu. Haka nan idan ya yanke shawarar biyan otal ɗin da tsabar riyal: lissafi ya ƙare a wurinsu, amma riƙon da ke kan katin ba zai san an biya ba sai an soke shi. Saboda haka abin da ya dace ya faɗa a wurin biya shi ne a kammala a kan izinin farko, da katin da ya bayar ranar sauka. In kuma ta wata hanya zai biya, ya tsaya a soke riƙon a gabansa, ya karɓi rasit na sokewar.

Idan ba a soke ba, sai dai jira. Kowane izini yana da wa'adi. A tsarin Mastercard, izinin ciniki na yau da kullum kwana bakwai yake yi, na ƙiyasi irin na otal kuma kwana talatin. Visa ma tana ba otal da kamfanonin hayar mota kimanin wata guda. Bankuna kan saki kuɗin idan wa'adin da suke bi ya cika babu wanda ya zo karɓa, kuma wa'adin ya danganta da banki. Ga mai katin bashi, irin wanda ya yaɗu a Amurka, wannan jira ba wani abu ba ne, domin abin da aka rage masa iyakar bashin da banki ya ba shi ne. A Najeriya kuwa galibin katunan da ke aljihun mutane a haɗe suke kai tsaye da asusun ajiya ko na albashi. Riƙon wata guda a kan naira 600,000 na nufin jarin mutum ne ko kuɗin cefanen gidansa ya tsaya cik. Wannan ne ya sa ya kamata matafiyi ya tambayi otal nawa za su riƙe kafin ya miƙa kati, ba bayan saƙo ya shigo ba.

Batun canji yana buƙatar ƙarin bayani, domin sau biyu ake juya kuɗin Alhaji. Kamfanin kati ne ke mayar da riyal zuwa dala, sannan bankinsa na gida ya mayar da dala zuwa naira da farashin da shi bankin ya sa. Juyin farko ba ya motsi sosai tunda riyal a ɗaure yake. Na biyun ne ke da rai. Wanda ya ga abin da ya faru ranar 14 ga Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya haɗe kasuwannin canji wuri guda, ya san yadda lamarin ke iya zama: a yini ɗaya farashin dala a kasuwar hukuma ya tashi daga wajen naira 470 zuwa sama da 650. A wancan lokacin yawancin bankuna sun riga sun dakatar da amfani da katin naira a ƙasashen waje saboda ƙarancin dala, sai a tsakiyar 2025 wasunsu suka sake buɗewa, kowane da iyakar abin da ya yarda a kashe. Tun da aka buɗe, tambayar ranar da ake ɗaukar farashi ta dawo. Ya kamata mai kati ya tambayi bankinsa kai tsaye: farashin ranar da na saka kati kuke bi, ko na ranar da ciniki ya kammala, kuma nawa kuke ɗorawa a kai?

Maƙwabta na Nijar suna da sauƙi ta wani ɓangaren. Sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957, don haka ɗan kasuwar Maraɗi ko Damagaram da ya biya otal a Faransa ba zai ga farashin canji ya motsa tsakanin ranar riƙo da ranar cirewa ba. Abin da zai iya gani shi ne kuɗin hidimar bankinsa, wanda wani lokaci ba ya cikin adadin farko, sai a ƙarshe ya bayyana. Amma in da dala ko riyal ya yi cinikin, shi ma motsin zai same shi, domin yuro da dala ba a ɗaure suke da juna ba.

Wani abin da ke ƙara tsada a ɓoye shi ne tayin da wasu na'urorin ƙasashen waje ke yi. Da sun gane katin baƙo ne, sai su tambaya ko a caje shi da kuɗin ƙasar da yake ciki ko da wani kuɗin, kamar dala. Zaɓi na biyu kan zo da farashin canjin da kamfanin na'urar ya sa, wanda galibi ya fi na kamfanin kati tsada. Ga mai katin naira, zaɓar dala ba ta hana bankinsa sake juyawa zuwa naira, saboda haka bai tsira daga komai ba. Biya da kuɗin ƙasar da ake ciki ya fi sauƙi a mafi yawan lokuta.

Gidan mai wani wurin ne da adadi ke canzawa, amma ba a gida ba. A Najeriya ma'aikaci ne ke zuba mai, a karanta mita, sannan a miƙo POS, don haka adadin sananne ne kafin a saka kati. A Amurka da Turai akwai famfunan da direba ke zuba wa kansa, kuma sai ya saka kati kafin bututun ya buɗe. Famfon bai san ko tankin babur ne ko na babbar mota ba, sai ya nemi izini a kan adadi mai yawa. A 2022, da farashin mai ya hau, Visa da Mastercard sun ɗaga iyakar wannan riƙo a Amurka zuwa dala 175. Ɗalibin da ya zuba man dala 30 na iya ganin an riƙe masa ninkin haka sau biyar ko fiye, kafin adadin gaskiya ya iso ya maye gurbinsa. In kuma abin da ke katinsa bai kai adadin riƙon ba, famfon na iya ƙin buɗewa duk da cewa kuɗin man da yake so yana nan. Shiga ciki a biya wa ma'aikaci takamaiman adadi yana kauce wa wannan.

A gidajen abinci na Amurka kuma abin ta ɗaya gefen yake zuwa, adadin ƙarshe ne ke fin na farko. Ana kawo lissafi, a ɗauki izini a kan kuɗin abinci, sannan mai ci ya rubuta tukuicin ma'aikaci da biro a kan rasit. Abincin dala 50 da tukuicin dala 10 zai fara bayyana a matsayin 50, bayan kwana ɗaya ko biyu ya koma 60.

Sayayyar intanet na da nata salon. Amazon, alal misali, ba ya cire kuɗin kayansa sai lokacin aika su, kuma idan kaya uku suka tashi daga rumbuna daban-daban a ranaku daban-daban, ciniki ɗaya na iya fitowa kashi biyu ko uku a asusu. Idan wani kayan ya ƙare, adadin ƙarshe zai gaza na farko. Akwai kuma ɗan ƙaramin riƙo, kamar dala ɗaya, da wasu kamfanoni ke yi lokacin da aka fara haɗa kati da manhajarsu. Gwaji ne kawai na ko katin yana aiki, kuma yakan faɗi da kansa ba tare da an cire komai ba.

Ɗaya daga cikin abubuwan da suka fi jefa mutane cikin matsala shi ne kuɗin da ya dawo amma ba dawowar gaskiya ba. Wani lokaci ɗan kasuwa kan yi jinkirin aika saƙon kammalawa har wa'adin riƙo ya cika. Banki ya saki kuɗin, mai asusu ya ga ƙari a abin da zai iya kashewa, ya ɗauka rabo ne, ya kashe. Bayan kwanaki sai saƙon ya iso, banki kuma ya cire, ko da hakan zai kai asusun ƙasa da sifili. Faɗuwar riƙo ba ta goge bashin kayan da aka karɓa. Duk wanda ya san ya kwana a otal ko ya karɓi kaya, sannan ya ga kuɗin ya dawo, ya kamata ya bar shi a wurin na wani lokaci.

Haka nan akwai bambanci tsakanin soke ciniki da mayar da kuɗi. Idan aka soke tun yana jiran kammalawa, riƙon ne kawai ke faɗuwa. Ba za a ga wani kuɗi ya shigo ba, layin ne zai ɓace, abin kashewa ya ƙaru, kuma mutane da yawa kan yi ta jiran saƙon shigowar kuɗi da ba zai taɓa zuwa ba. Idan kuwa ciniki ya riga ya kammala, mayarwar sabon ciniki ce mai tafiya ta baya, tana ɗaukar kwanakinta, kuma idan da kuɗin waje ne za a sake juya ta da farashin ranar. Shi ya sa wanda ya mayar da takalmin dala 100 zai iya samun nairar da ba ta yi daidai da wadda aka cire masa ba, ko ta ragu ko ta ƙaru.

Duk wannan daban yake da abin da aka fi kuka da shi a rumfunan masu POS a Kano, Kaduna ko Sakkwato, wato "an cire min kuɗi amma bai ba da ba." A cire kuɗi ta ATM da yawancin cinikin POS na cikin gida, bankin mai kati yakan cire kuɗin nan take, ba ya tsayawa ware shi. Matsalar kan faru ne a hanyar dawowar amsa: banki ya amince ya cire, amma amsar ta maƙale a hanya, na'ura ta gaji da jira ta buga Declined, wani lokaci tare da Issuer or switch inoperative. A ƙa'ida na'urar ko kamfanin da ke tsakiya zai aika saƙon a mayar da kuɗin, kuma sau da yawa yana dawowa cikin mintuna. Idan wannan saƙon ma ya ɓata, kuɗin ya fita daga asusun mai kati amma bai shiga na mai POS ba. A nan rigima da mai rumfar ba ta da amfani, domin babu abin da ya shigo hannunsa. Wurin zuwa shi ne bankin da ya ba da katin.

Babban Bankin Najeriya ya sa wa wannan wa'adi, wanda ya fara aiki ranar 8 ga Yunin 2020. Idan katin da ATM ɗin na banki ɗaya ne, a mayar nan take, in kuma na'ura ta gaza a yi da hannu cikin awa 24. Idan ATM ɗin na wani banki ne, kada ya wuce awa 48. Cinikin POS ko na intanet da ya gaza kuma a warware shi cikin awa 72. Wanda ya kai ƙara bankinsa aka yi mako biyu ba a warware ba yana da damar ɗaukaka ta zuwa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin. Waɗannan wa'adodi na cinikin da ya gaza ne. Ba su shafi riƙon otal ɗin Madina ba, domin wancan ciniki bai gaza ba, jira yake yi.

Gane wanne ne ya sami mutum ba shi da wahala idan ya duba abu biyu. Na farko rasit: Approved aka buga ko Declined? Na biyu lambobin asusu: idan Ledger balance bai motsa ba, Available balance ne kaɗai ya ragu, riƙo ne. Idan duka biyun sun ragu alhali rasit ya ce ciniki bai wuce ba, an cire ne bisa kuskure. Sai dai wasu bankunan, ko a cinikin waje, kan cire adadin farko gaba ɗaya su ajiye a wani asusu nasu, daga baya su ƙara cire bambancin ko su mayar da rara. Mai irin wannan katin zai ga ƙananan layuka na gyara suna biyo bayan babban ciniki bayan 'yan kwanaki, kuma sunan ɗan kasuwan da ke jikinsu ne zai nuna masa inda suka fito.

Rasit ɗin nan da ake yarwa a bakin rumfa shi ne babban makamin mai ƙara. A jikinsa akwai kwanan wata da lokaci, lambar na'ura, adadin kuɗi, da wata lamba mai alƙaluma goma sha biyu da ake rubuta wa RRN. Da ita ma'aikacin banki ke nemo ciniki ɗaya a cikin miliyoyi. Takardar kuwa irin mai dusashewa ce idan ta sha zafi ko ta daɗe a aljihu, don haka ɗaukar hotonta da waya a nan take ya fi ajiye ta.

Game da riƙon da ya daɗe, bankuna ba su cika yarda su sake shi da bakin mai kati kaɗai ba, kuma suna da hujja, tunda sun riga sun yi wa ɗan kasuwan alkawari. Hanyar da ta fi sauri ita ce a koma wurin ɗan kasuwan ya aika saƙon sokewa ta na'urarsa. In ya ce ya riga ya yi amma kuɗin bai saku ba, a nemi ya rubuto takarda mai ɗauke da sunan kamfaninsa, adadin, ranar, da lambar izinin, yana cewa ba zai karɓi kuɗin ba, a kai wa banki. Yawancin bankuna kuma ba sa buɗe takaddama a kan adadi sai ciniki ya kammala, domin kafin nan babu tabbacin nawa za a cire. Idan ya kammala kuma adadin ya zarce abin da ke kan rasit ba tare da dalilin canji ko wani abin da mutum ya amince da shi ba, a lokacin ne ake shigar da ƙara a rubuce, da hoton rasit.

Wuri ɗaya ne ba a jira ko kaɗan. Idan layin da ke jiran kammalawa na wani kamfani ne da mai katin bai taɓa hulɗa da shi ba, ko da dala ɗaya ce, a toshe katin nan take ta manhaja, ko ta lambar gaggawa da bankin ya tanada, sannan a sanar da bankin. Masu satar lambobin kati kan fara da ƙaramin adadi don su ga ko katin na da rai, kafin su dawo da babba. Abin da kawai za a fara dubawa, cikin minti ɗaya ko biyu, shi ne ko sunan da ya fito na kamfanin da ke karɓar wa wani shago kuɗi ne, domin sunan da ke kan allon shago da wanda ke fitowa a asusu ba kullum suke zama ɗaya ba, kuma ranar ciniki da adadinsa kan tuna wa mutum inda ya saka katinsa.